Ni Talata na ji, ita ta ce Alhamis

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da albasa a Mile 12, a ƙarƙashin wani Alhaji. Wata mata mai yi wa wani otal sayayya a Ikeja ta kira ni, muka shirya zan kai mata samfur mu yi ciniki. Ni dai Talata na ji, ita kuma ta ce Alhamis ta faɗa. Na je Talata na wuni a bakin get ba ta nan, ranar Alhamis ta jira ni ina kasuwa. Jiya Juma'a da ƙyar ta sake ba ni lokaci a waya, ta ce Talata mai zuwa da ƙarfe biyu, kuma in zo da maigidana. Abokina ya ce in rubuta mata, in rubuta wa Alhaji. Ni kuwa nauyi nake ji: kada ta ce na ɗauke ta maƙaryaciya, Alhaji kuma ya ga kamar yaronsa zai ɗaure shi da rubutu. Yaya zan yi?

Wani matashi, Mile 12, Legas

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya ba ka shawarar ƙwarai, kuma ina so ka bi ta yau, kafin ka kwanta. Da ma a ce tun jiya ka yi, kana ajiye waya, domin a lokacin ne maganar take ɗanya a kunnenka da nata. Duk kwanan da aka ƙara, kowa yana ƙara sakankancewa da abin da ya ji, ko da kuwa ba shi aka faɗa ba.

Ka fara cire wa ranka cewa akwai wanda ya yi ƙarya a tsakaninku. Da Turanci ko da broka kuka yi magana, kuma sunan Talata da na Alhamis a Turanci sun yi kama ƙwarai a kunne: gaɓa biyu-biyu ne, ƙarshensu ɗaya, sannan mutane da yawa a nan suna furta farkonsu iri ɗaya. Ka haɗa wannan da hayaniyar Mile 12, ga tirela tana sauke kaya, ga 'yan dako suna neman hanya, ga layin waya yana yankewa. A irin wannan hali mutum biyu masu gaskiya za su rabu kowa da ranarsa. Na faɗi haka ne don ka san yadda za ka ɗauki saƙon da za ka tura. Abin da kake yi shi ne karanta mata abin da kunnenka ya kama don ta gyara maka idan ka kuskure. Mace mai yi wa otal sayayya kuwa aikinta ke nan kullum, takardar oda da rasit da saƙonni. Wanda bai rubuto ba shi ne take ɗauka bai shirya ba.

Saboda haka kada ka ambaci abin da ya wuce a cikin saƙon, ko da kalma ɗaya. Kada ka ce "don kada a sake yin irin na wancan karo". Wannan jimlar ce kaɗai za ta mayar da tunatarwa ta zama tuhuma.

Yanzu mu duba abin da ke hannunka. Kana ganin kun tsayar da magana, ni kuwa ina ganin ramuka uku a cikinta. Na farko shi ne "Talata mai zuwa". A ce jiya Juma'a ta kama 15 ga Mayu. A wurinka Talata mai zuwa ita ce 19 ga wata, wadda ke gabanka. Amma akwai masu faɗin haka suna nufin ta makon gaba da wannan, wato 26. Maganinsa shi ne ka haɗa sunan rana da kwanan wata wuri ɗaya: Talata, 19 ga Mayu. Amfanin haɗa su shi ne kowanne yana gadin ɗan'uwansa. Idan ka rubuta Talata kawai, ba a san wace ba. Idan ka rubuta 19 kawai, yatsa na iya zamewa ya buga 18 ba wanda zai lura. Amma idan ka rubuta "Talata 18", tana duba kalanda za ta ga ba su dace ba, ta tambaye ka. Kai ma ka buɗe kalandar wayarka ka tabbatar kafin ka tura, kada ka ƙirga da ka. Sunan wata kuma ka rubuta shi da haruffa. Irin 5/6 ɗin nan, wani zai karanta 5 ga Yuni, wani 6 ga Mayu.

Rami na biyu shi ne wuri. "Ikeja" ba adireshi ba ne. Wanda ke Allen da wanda ke GRA da wanda ke tsaye a ƙarƙashin gada duk a Ikeja suke, kuma idan hanya ta cushe tsakaninsu tafiya ce. Ko sunan otal ɗin ma bai isa ba. Manyan otal suna da ƙofar baƙi daban da ƙofar da masu kawo kaya suke shiga, kuma mai gadin ƙofar gaba ba lallai ya san da zamanka ba. Ban sani ba ko wannan ya taɓa ka a wancan zuwan, amma ka tambaya yanzu: wace ƙofa, kuma wa za ka ce kana nema idan mai gadi ya tsayar da kai? Idan a ofishinta ne, to ofis. Idan a sito ne inda ake auna kaya, to sito.

Na san zafin wannan da kaina. Shekarun baya wani direba ya taso mini da saƙo daga Arewa, muka yi waya ya ce mu haɗu a tasha. Ya ce Mile 12, layi ya haɗiye "sha", ni na ji Mile 2. Na tafi can wajen hanyar Badagry na tsaya, shi yana kan hanyar Ikorodu, tsakaninmu kusan faɗin gari. Kowa yana kiran ɗan'uwansa yana cewa "ga ni a bakin gada, ba na ganinka". Sai da muka yi kira uku kafin ɗayanmu ya tambayi abin da ya kamata a tambaya tun farko. Ranar nan ta tafi a banza, kuma da an rubuta lamba biyu kacal a saƙo da ba a yi haka ba. Tun daga lokacin ban ƙara ajiye waya a kan alkawarin haɗuwa ban bi shi da rubutu ba.

Rami na uku shi ne ƙarfe biyun. Biyu na isowa bakin get ne, ko biyu na zama a gabanta? A otal sai an rubuta sunanka, a kira ta, wani lokaci a duba buhun da ka riƙo. Ka ɗauka cewa biyu na zama ne, ka rubuta cewa za ku iso kafin nan.

Ga yadda saƙon zai kasance. Ka rubuta shi da harshen da kuka yi magana da shi, ni ma'anarsa nake ba ka:

"Barka da yamma, Madam. Ni ne mai albasa na Mile 12 da kuka yi waya da shi jiya. Na gode da lokacin da kika ba mu. Ga abin da na fahimta: Talata, 19 ga Mayu, ƙarfe 2:00 na rana, a ofishinki da ke otal, Ikeja. Zan zo tare da maigidana, da samfurin albasa, kuma za mu iso kafin lokacin. Don Allah haka ne? Kuma ta wace ƙofa za mu shiga?"

Ka lura da abubuwa kaɗan a ciki. Ka fara da gaya mata ko kai waye, domin mai yiwuwa ba ta ajiye lambarka ba, kuma masu kawo mata kaya suna da yawa. Ka ce "abin da na fahimta", wato ka ɗora yiwuwar kuskure a kanka, ka bar mata ƙofar gyara ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ka faɗi mutum nawa za su zo da abin da za ku riƙo, don ta sanar da masu gadi. Sannan duka a saƙo ɗaya. Kada ka yayyanka shi, gaisuwa daban, rana daban, lokaci daban, domin ranar da za ta nema sai ta ga guntu ɗaya ta rasa sauran. Kuma ka tura ta inda kuka saba magana. Idan tana WhatsApp, can. Idan ba ka da tabbas tana buɗe shi, ka tura tes na waya, shi ba ya jiran data.

Abin da ya fi muhimmanci a saƙon nan shi ne tambayar "haka ne?", kuma a nan ne mutane suka fi yin sakaci. Saƙon da ka tura ba a amsa ba bai tabbatar da komai ba. Ya nuna abin da kai ka ji ne kawai, wanda da ma ka sani. Tabbaci yana samuwa ne lokacin da ita ta karanta ta ce eh. Shi ya sa ba a rufe irin wannan saƙo da "sai mun zo", ana rufe shi da tambayar da ke neman amsa.

Kada alamomin WhatsApp su yaudare ka. Alama ɗaya mai ruwan toka tana nufin saƙon ya bar wayarka. Biyu masu ruwan toka, ya shiga wayarta. Biyu shuɗaye, an buɗe shi. Ko shuɗayen ba su ce ta yarda ba, ba su ma ce ta karanta da natsuwa ba, tana iya buɗewa tana tsakiyar karɓar kaya ta rufe. Wasu kuma sun kashe shuɗin gaba ɗaya, sai su karanta kai kana ganin toka. Abin da kake jira shi ne kalma daga gare ta. Idan ta turo "to" ko hoton babban yatsa a kan saƙon da ke ɗauke da cikakken bayani, ya wadatar a kan rana da lokaci, sai dai ka sake tambayar ƙofa. Idan kuwa amsarta ta zo da wani abu daban, misali ta ce "eh, sai Laraba", kada ka ce ai kuskuren yatsa ne ka share. Wannan shi ne ainihin abin da ka tura saƙon don ka kama. Nan take ka tambaya: "Talata 19 ko Laraba 20?" Ka ba ta biyun ta zaɓa.

Idan shiru ya yi yawa fa? Yau Asabar, gobe Lahadi, mai yiwuwa ba ta aiki ko tana coci. Kada ka dame ta da kira a ranar hutunta. Ka bari sai Litinin da hantsi, ka kira a taƙaice: ka tura saƙo shekaranjiya, kana so ka tabbatar gobe Talata ƙarfe biyu. Idan ta ce eh a baki, kana ajiye waya ka rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko: "Na gode, Madam. Sai gobe Talata 19, ƙarfe 2:00 na rana." Idan har Litinin ta wuce ba amsa, ba a ɗaga waya, to ni ba zan ba ka shawarar ka ɗauko dattijo daga rumfarsa ka ratsa da shi Ketu da Ojota a kan zato ba. Kai kaɗai kana iya jure wuni a bakin get. Idan Alhaji ya wuni a can, abin da za ka rasa ya fi cinikin otal.

Akwai kuma yiwuwar ta canza lokaci, ta kira ta ce a mayar ƙarfe huɗu. Kada ka koma kan tsohon saƙo ka gyara shi. WhatsApp yana barin gyara ne cikin minti 15 kawai, kuma ko ya bari, gyaran ba ya buga mata ƙararrawa, sai ta ci gaba da riƙe abin da ta karanta da farko. Kada kuma ka rubuta "to, huɗu" kawai. Ka sake rubuta komai sabo, rana da kwanan wata da sabon lokaci da wuri, ka ce wannan ya maye gurbin na baya. Ƙa'idar ita ce saƙon ƙarshe ya iya tsayuwa shi kaɗai, wanda duk ya karanta shi bai buƙatar ya haura sama.

Saura Alhaji, kuma na fahimci nauyin da kake ji, yana da tushe. A tarbiyyarmu yaro ba ya aika wa babba takarda kamar mai ba da umarni, kuma dattijon kasuwa da ya shekara talatin yana saye da sayarwa da kalmar bakinsa zai iya jin wani iri idan rubutu ya fara iso masa kafin mutum. Don haka tsarin nasa daban ne. Da ƙafarka za ka je. Ka same shi a rumfa lokacin da ba ciniki a gabansa, ka gaishe shi, ka gaya masa yadda kuka yi da matar, ka tambaye shi ko ranar ta yi masa. Wannan tambayar ba ta ado ba ce. Ka karɓi rana a madadinsa ba tare da ka san ko yana jiran mota daga Aliero ko Sakkwato a ranar ba. Idan da hali ma ka ji ta bakinsa kafin ka tura wa Madam, don kada ka tabbatar da abin da za ka dawo kana warwarewa.

Bayan ya amince, sai ka ce: "Alhaji, bari in tura maka a waya, saboda ni ne mai mantuwa, kada in sake rikita ranar." Ba ƙarya ka yi ba, an riga an rikita sau ɗaya. Babu dattijon da zai ji haushin yaron da ke tsoron ɓata masa lokaci. Sau da yawa ma irin wannan ne ke sa maigida ya fara sakar wa yaro manyan harkoki.

Idan Alhaji ba mai karanta boko ba ne, ka yi masa saƙon murya, gajere, kada ya kai minti ɗaya. Amma ka bi shi da rubutu a ƙasa duk da haka, domin murya ba a duba ta da ido a tsakiyar kasuwa, sai an nemi wuri an saurara, rubutu kuwa ɗansa ko wani yaron rumfa zai karanta masa cikin daƙiƙa. A muryar ka kiyaye abin da ya same ni: "biyu" da "sha biyu" gaɓa ɗaya ce ta raba su. Ka ce "ƙarfe biyu na rana, bayan Azahar". Haɗa agogo da lokacin salla yana yi wa dattijo aikin da haɗa rana da kwanan wata yake yi wa Madam. Amma kada ka ce "bayan Azahar" kawai, domin daga Azahar zuwa La'asar duk bayan Azahar ne. Haka nan ka guji "jibi" da "gata" a cikin saƙo. Wanda ya saurara washegari, jibinsa ya riga ya matsa da kwana ɗaya.

Saƙon Alhaji yana da lokaci biyu, na Madam ɗaya. Ita lokacin haɗuwa kawai ya dame ta. Shi kuwa abin da zai yi aiki da shi shi ne lokacin tashi. Idan ka ce masa ƙarfe biyu kawai, yana iya ɗauka biyu za ku bar kasuwa. Kai ka yi hanyar ranar Talatar da ta wuce, ka san abin da ta ci maka. Ka ƙara awa guda a kai saboda gosulo da ruwan sama, tunda damina ta kama, ka kuma ware lokacin salla, ko ku yi ta a Ikeja idan kun isa da wuri. Misali: "Alhaji, Talata 19 ga wata. Za mu tashi daga rumfa ƙarfe 11:30 na safe, mu yi Azahar a can, mu ga matar ƙarfe 2:00 na rana, in sha Allahu." Kada ka bar "in sha Allahu", amma ka sa shi bayan lambobin, ya zama an faɗi lokaci sannan an miƙa wa Allah.

Abu ɗaya zan hana ka: kada ka sa farashi ko yawan buhu a saƙon Madam. Za ka ji sha'awar yin haka don ka nuna da gaske kake. Amma ka fi ni sanin yadda kuɗin albasa yake motsi, abin da buhu yake yau Asabar ba lallai shi ne na Talata ba, ya danganta da motocin da suka shigo. Duk lambar da ka rubuta za ta riƙe ta, kuma tana da gaskiya idan ta riƙe, ga shi ba kai ne mai yanke farashi ba. Saƙonka na haɗuwa ne kawai. Idan an zauna an yi ciniki, Alhaji ya sallama, wannan wani rubutun ne daban da za a yi a ranar, da yawan kaya da kuɗi da ranar biya.

Ranar Talata da safe, kafin ka ɗaure samfur, ka tura mata layi ɗaya: kuna nan tafe yau ƙarfe 2:00 kamar yadda aka yi. Ka yi shi wajen ƙarfe tara, yadda idan wani abu ya taso mata za ta gaya maka tun Alhaji bai sa hularsa ba. Ka cika cajin wayarka, ka sa kati, ka kuma ɗauki hoton saƙon da ta amsa. Idan mai gadi ya tsayar da ku, ko data ta ƙi a bakin get, hoton nan za ka nuna masa ya kira ta. Allah ya sa a yi ciniki mai albarka.